Ɗanyen kaya, kayan da ke kan aiki da kammalallen kaya: ina kuɗin mai injin casa suke shiga?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da ƙaramin injin casar shinkafa a wajen Kura, muna sayen shanshera mu yi gumi mu cashe mu zuba a buhu. Na je neman rance sai aka ce in kawo ƙimar ɗanyen kaya daban, na kayan da ke kan aiki daban, na kayan da aka gama daban, ni kuma duk shinkafa nake gani. Kuma wata ya ƙare ciniki ya yi kyau amma kuɗin hannuna sun ragu. Dan Allah a min bayani yadda zan gane.

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a sana'a. Ni aikina akanta ne kuma na daɗe ina riƙe wa masu ƙananan injina lissafi, to bari mu bi shi a hankali da shinkafarka ɗin nan, dan abubuwan nan biyu da suka dame ka tushensu ɗaya ne.

Ka tsaya a bakin get ɗin injinka ka kalli cikin gidan. Buhunan shansherar da aka sauke daga mota aka jera a sito ba a kwance bakinsu ba, wannan shine ɗanyen kaya, ka biya kuɗinsa amma baka taɓa shi ba, in ka ga dama gobe ka mayar da shi kasuwa ka sayar kamar yadda ka sayo. Daga lokacin da yaro ya kwance buhu ya juye a tanki ko a tukunya aka zuba ruwa, to ya bar wannan ajin, ya zama kayan da ke kan aiki, kuma zai ci gaba da zama haka yana jiƙe, yana kan wuta ana turarawa, yana shanye a tamfol, ya bushe an tara shi yana jiran layin inji, kai har wanda aka cashe amma ba a cire masa tsakuwa an auna an ɗinke ba, duk yana cikin wannan ajin. Sai ranar da aka auna kilo 50 aka ɗinke bakin buhu, wanda in dila ya zo yanzu za a iya ɗora masa a mota ba sai an ƙara yin komai ba, shine ya zama kammalallen kaya. In kana amfani da manhajar lissafi a kwamfuta ko waya zaka ga sunayensu Raw materials, Work in progress (wani lokacin WIP kawai suke rubutawa) da Finished goods, su ne waɗannan ukun.

Abin da ke raba su ba kamannin kayan bane, matsayinsu ne a gidanka kai. Shanshera a wajen manomin Kadawa kammalallen kaya ce, ya gama aikinsa, a wajenka ɗanye ce. Casasshiyar shinkafarka kuma a wajen mai gidan abinci ita ce ɗanyen kayanta.

Dalilin da yasa mai bada rance yake son a raba masa, yana tambayar kansa ne in abu ya ɓaci wanne zai koma kuɗi da sauri. Buhun da aka ɗinke yau ma za a saya. Shanshera busasshiya itama tana da kasuwa. Amma wadda take jiƙe a tanki wa zai saya? Ba kowa, kuma in ta ƙara kwana biyu a haka ma wari zata yi. Shi yasa za ka ga ba sa ba kayan kan aiki daraja sosai. Amma ni a ganina kai ka fi banki buƙatar wannan rabon, dan sai da shi zaka san nawa buhu ɗaya ya tsaya maka.

Yanzu mu ɗauki wata guda mu yi lissafinsa tun daga farko har ƙarshe. Lambobin nan na misali ne na zaɓe su dan su rabu da sauƙi, kai sai ka saka naka na gaskiya. Kuma zan yi da tan ne ba da buhu ba, zan faɗa maka dalili a gaba.

Ranar 1 ga wata kana da shanshera tan 10 a sito wadda ta tsaya maka naira 400,000 kowane tan, miliyan 4 kenan. Cikin watan ka ƙara sayen tan 30 a kan 440,000. To nan ne kuskuren farko yake, mutane suna rubuta kuɗin da suka ba mai kaya kawai su manta kuɗin mota da ƴan dako da la'adar dillali da ɗan abin da ake biya a kasuwa da hanya. Duk abin da ka kashe kafin kayan su sauka a sitonka kuɗin kayan ne. Mu ce wannan ya ci 600,000, wato 20,000 a kan kowane tan, ashe tan ɗinka ya tsaya 460,000 ba 440,000 ba, jimla miliyan 13 da dubu 800. Ka haɗa da na farko, tan 40 a kan miliyan 17 da dubu 800, in ka raba kowane tan ya kama 445,000. Wannan shi ake kira tsaka-tsakin farashi, kuma shi nake ba masu shinkafa shawara su yi amfani da shi tunda a tanki tsohuwa da sabuwa haɗuwa suke, ba wanda zai iya ce maka wannan ƙwayar ta sayen farko ce. Akwai wata hanyar da ake ce wa FIFO, wato a lissafa cewa wanda ya fara shigowa shi ya fara fita, itama ƙa'idar lissafi ta IAS 2 da ake bi a Najeriya ta yarda da ita, sai dai duk wadda ka ɗauka ka tsaya a kanta, kar wannan watan ka yi wannan wata mai zuwa ka canza dan riba ta fito da kyau.

Ranar ƙarshen wata ka shiga sito ka ƙirga da idonka, ka samu tan 12 ya rage. Tan 12 sau 445,000 ya baka miliyan 5 da dubu 340, wannan ita ce amsar farko da aka tambaye ka, ƙimar ɗanyen kaya. Kuma hakan na nufin tan 28 ne ya shiga aiki, kuɗinsa miliyan 12 da dubu 460. Kaga abin da ka saya daban abin da ka yi aiki da shi daban, tan 30 ka saya amma 28 ya shiga tanki.

To yanzu mu zo kan na tsakiyar, wanda shine yake ba mutane wahala kuma a nan zan fi daɗewa.

Mu ɗauka farkon watan gidan a share yake, an dawo daga hutun Sallah ba komai a tanki ko a tamfol. Cikin tan 28 ɗin nan da ya shiga, ranar ƙarshen wata da ka zagaya sai ka tarar tan 4 bai fita ba, wani yana jiƙe, wani yana shanye, wani ya bushe yana jiran inji. Tan 24 ne ya bi inji ya fita a buhu. Shi tan 4 ɗin nan nawa ne kuɗinsa? Ba kuɗin shanshera kaɗai ba ne, dan an riga an ƙona masa itace, an ja masa ruwa, leburori sun juye shi sun baza shi. Amma kuma bai ci dizal ɗin casa ba tukuna. To sai mu tara duk kuɗin aikin watan: leburori da mai tuƙa inji 600,000, dizal da kuɗin wuta 500,000, itace da ruwa 200,000, hayar wuri da gyaran inji da ɗan abin da kake warewa gefe saboda tsufan inji 260,000. Jimla miliyan 1 da dubu 560. Wannan warewar ta tsufan inji kar ka raina ta Alhaji, inji kullum cinyewa yake ko ka rubuta ko baka rubuta ba, ranar da zai tsaya ne zaka gane.

Yadda ake raba kuɗin aikin shine, tan 24 ya ci aiki cikakke, tan 4 kuma mu ƙiyasta a dunƙule ya ci rabin aiki, rabin aikin tan 4 daidai yake da cikakken aikin tan 2. Wato a watan ka yi aikin tan 26. Miliyan 1 da dubu 560 a raba 26, kowane tan ya ci 60,000. Dan haka kayan kan aikinka sune shansherar tan 4 a kan 445,000, miliyan 1 da dubu 780, a ƙara aikin tan 2 wato 120,000, ya zama miliyan 1 da dubu 900. Amsa ta biyu kenan. Wani zai ce ta yaya ka san rabi ne ba kashi 40 ko 60 ba? Ƙiyasi ne, kuma a shinkafa ba wani babban bambanci zai kawo ba tunda kuɗin shansherar ne ya rinjaye, kaga ko ka ce kashi 40 ne dubu 20 da ɗan wani abu ne zai motsa a cikin kusan miliyan 2. Abin da zai cuce ka shine ka manta da tan 4 ɗin gaba ɗaya. In ka manta da shi, kuɗinsa zai hau kan buhunan da suka fita, kowane buhu ya ƙaru da sama da naira 6,000 na ƙarya, sai ka ga kamar faɗuwa kake ka je ka ƙara farashi kwastoma su gudu, wata mai zuwa kuma da tan 4 ɗin ya fita sai ka ga riba ta ƙarya.

Wani abu da ya kamata ka kiyaye, kar ka ɗora kayan kan aiki a sikeli ka ce nauyinsu kenan. Shansherar da ta sha ruwa ta fi nauyi nesa ba kusa ba, ruwa zaka auna ka rubuta shi a matsayin dukiya. Da nauyin da ta shiga tanki tana busasshiya zaka lissafa. Shi yasa nake sa kowane gida su ba kowace zuba lamba, ɗan kwali ne kawai ko a rubuta da alli a jikin tanki, zuba ta 17, kilo kaza, ta shiga ranar kaza, lambar ta bi ta har tamfol har bakin inji, ranar da ta fita a rubuta buhu nawa ta bayar. Littafi ɗaya mai layi ya isa wannan aikin.

Sai tan 24 da ya fita. Shansherarsa miliyan 10 da dubu 680, aikinsa tan 24 sau 60,000 wato miliyan 1 da dubu 440, sun haɗu miliyan 12 da dubu 120. Mu ce ya baka tan 15 na tsabar shinkafa, buhu 300 mai kilo 50, wato kashi 62 da rabi cikin ɗari, wanda yake cikin abin da ake samu a ƙaramin inji in shanshera mai kyau ce. Ka ƙara kuɗin buhunan zubawa da zare, mu ce 120,000. Sannan dusa da karyayyar shinkafa da ka sayar wa masu kiwo da mata masu tuwo da waina, mu ce sun kawo 240,000, wannan kar ka ɗauke shi kuɗin cefane ka zuba aljihu kamar yadda da yawa suke yi, cire shi zaka yi daga kuɗin da shinkafar ta ci dan daga jikinta ya fito. Sai ya rage miliyan 12 cif a kan buhu 300. Kowane buhu ya tsaya maka naira 40,000. Wannan lambar ita ce ya kamata ta zauna a kanka duk lokacin da dila yake tayi.

Mu ce farkon wata kana da ragowar buhu 20 a sito shima a kan 40,000, ya zama 320, ka sayar da 250 a kan 46,000, ya rage 70. Buhu 70 sau 40,000, miliyan 2 da dubu 800, amsa ta uku kenan. Ka lura da 40,000 na lissafa ba da 46,000 ba. Kayan da ba a sayar ba ana rubuta shi ne da abin da ya ci maka, ba da abin da kake fatan zai kawo ba, riba sai kaya sun fita hannu.

To ga inda kuɗinka suka shiga. Ka karɓi miliyan 11 da rabi na shinkafa da 240,000 na dusa, miliyan 11 da dubu 740. Ka fitar da miliyan 13 da dubu 800 na shanshera, miliyan 1 da dubu 560 na aiki, 120,000 na buhu, sai mu ce 300,000 na kai kaya kasuwa da albashin mai rubutu da katin waya, jimla miliyan 15 da dubu 780. In aljihu ka duba, ka yi ƙasa da miliyan 4 da dubu 40, dole hankalinka ya tashi. Amma lissafin riba cewa yake buhu 250 da suka ci maka miliyan 10 ka sayar miliyan 11 da rabi, ka cire 300,000 ɗin nan, ribarka miliyan 1 da dubu 200. Duka biyun gaskiya ne. Farkon wata kayan gidanka gaba ɗaya miliyan 4 da dubu 800 ne, ƙarshen wata sun koma miliyan 10 da dubu 40, ƙarin miliyan 5 da dubu 240, wato ribar taka duka da ƙarin miliyan 4 da dubu 40 daga aljihunka sun koma shinkafa suna kwance a sito da tamfol. Ba a sace ba, amma kuma baza ka biya leburori da su ranar Alhamis ba. Kuma akasin haka ma yana faruwa kuma shi yafi haɗari, watan da baka sayi shanshera ba kana ta cinye ta sito, kuɗi zasu cika hannu ka ɗauka riba ce ka sayi fili ko ka canza mota, ashe uwar kuɗi ka taɓa, sai kaka ta zo lokacin saye ka rasa abin saye.

Na ce zan faɗa maka dalilin da yasa na yi da tan. Buhun shanshera suna ne kawai, wani ya cika wani bai cika ba, wani kuma danshi ne ya ba shi nauyi. Ana son shanshera ta sauko wajen kashi 14 na danshi kafin a ajiye ta ko a cashe. In ka sayi sabuwar yanka mai danshi kashi 20, kilo 100 ɗinta in ta bushe zuwa 14 kilo 93 zai rage, kilo 7 ya bi iska, ba ɓera ba ɓarawo. A tan 30 sama da tan 2 kenan, kusan miliyan ɗaya a farashin misalinmu. Na taɓa zama a wani gida da maigidan ya kusa korar mai sitonsa, dattijo mai amana, saboda duk kaka sai an samu giɓi tsakanin abin da aka saya da abin da aka tarar, har an fara maganar rantsuwa. Da muka sa aka auna buhu goma ranar da suka sauka muka yi musu alama da jan fenti muka jingine su gefe aka sake aunawa bayan sati uku, a gaban kowa sikeli ya nuna kowanne ya ragu, dattijon nan bai ce komai ba sai hawaye. Tun ranar maigidan ya sayi ɗan na'urar gwada danshi, yana soka ta a buhu kafin a yi ciniki. In baka da ita, tsohuwar dabara ta ciza ƙwaya a ji ta ƙas tana taimakawa amma bata baka lamba. Wannan raguwar ta bushewa da ɗan ƙaiƙayi da ƙasa da ake fitarwa abu ne na al'ada, yana shiga cikin kuɗin shinkafar, sai dai ka sani tan ɗinka ya ƙara tsada. Amma in ruwan sama ya daki tan guda a tamfol ya yi fumfuna aka zubar, wannan asara ce ta daban, ka rubuta ta da sunanta a watan da ta faru, kar ka ɓoye ta a cikin kuɗin buhu, in ka ɓoye baza ka taɓa sanin nawa rashin rumfa yake ci maka ba.

Kuma wannan kason na fita, 62 da rabi a misalinmu, ka riƙa duba shi zuba bayan zuba. In kullum kana samun 62 ko 63 sai ka ga ya sauko 57, akwai magana, ko shansherar akwai ƙaiƙayi da yawa, ko an bar ta a rana mai zafi ta bushe da sauri ta tsattsage tana karyewa a inji, ko gumin bai yi ba, ko inji yana son saiti, ko kuma wani yana ɗiba. Ka haɗa iri ma da lambar zuba, dan Sipi da Jamila ba lallai su baka fita ɗaya ba. Ba tare da lambar zuba ba sai dai ka yi ta zargi.

Girman kayan kan aiki shima magana yake maka. In injinka tan ɗaya yake casa a rana kuma daga jiƙo zuwa buhu kwana 3 ko 4 ne, to tan 4 a kan aiki daidai ne. In ka ƙirga ka samu tan 9, wani wuri ya toshe, yawanci wajen shanya ne musamman da damina, ana ta jiƙawa alhali filin shanya ya cika. Maganin ba ƙarin shanshera bane, a rage zuba ne har tamfol ya sauka, ko kuɗin rancen da kake nema wani kaso ya tafi kan daɓe da rumfa.

Ranar ƙirga kuma akwai tarkuna. Shinkafar mutane da suka kawo casa suna biyan kuɗin aiki, tana gidanka amma ba taka bace, kar ta shiga lissafi, a ware mata kusurwa. Buhun da dila ya riga ya saya an rubuta masa rasit bai zo ɗauka ba, shima ya fita daga naka. Amma wanda ka kai wa wani a Dawanau ko Singa a kan in ya sayar ya kawo kuɗi, wannan har yanzu kayanka ne ko da baya gabanka, cikin kammalallen kaya zaka sa shi, ba ciniki bane tukuna. Buhunan zubawa da zare da dizal ɗin da ya rage a duro in suna da yawa ka ƙirga su ka rubuta a layinsu ƙarƙashin ɗanyen kaya, in kaɗan ne kar ka wahalar da kanka. Kuma duk ukun a rana ɗaya ake ƙirga su, da yamma bayan an kashe inji, dan in ka ƙirga sito yau ka ƙirga tamfol jibi to tan ɗaya zai iya fitowa sau biyu ko ya ɓace gaba ɗaya. Kar mai riƙe da makullin sito ya ƙirga shi kaɗai, ba dan zargi ba, kariya ce gare shi.

Abu ɗaya ya rage da ba zan tsallake ba saboda ya taɓa mutanenmu da yawa. Na ce ana rubuta kaya da abin da suka ci, to wannan in kasuwa tana sama da shi ne. In kasuwa ta faɗo ƙasa da abin da buhu ya ci maka, ƙa'ida ita ce ka rubuta da na ƙasan. Bayan rufe boda a watan Agustan 2019 mutane da yawa sun shiga casa sun saba da cewa farashi sama kawai yake yi, sai gwamnati ta sanar da janye harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a watan Yulin 2024, shinkafa ta zo ta sauko a 2025, wanda ya cika sito da shanshera mai tsada ya ji a jikinsa. Mu ce buhunka 70 ɗin nan da suka ci 40,000 yanzu 38,000 ake saye kuma kai shi kasuwa zai ci 500 kowanne, to 37,500 ne ƙimarsa, giɓin 2,500 sau 70 wato 175,000 asara ce ta wannan watan, ka rubuta ta yanzu. Sannan ka koma ka dubi tan 12 na sito da tan 4 na kan aiki da wannan idon, dan suma buhun 38,000 zasu zama, tan 16 kusan buhu 200 ne, kowanne da nasa giɓin. A nan ne zaka yanke shawara ko ka cashe da wuri ko ka dakatar da sabon saye. Lissafin zakka kuma daban yake, can da farashin kasuwa na ranar ake ƙiyasta kayan sayarwa ba da abin da suka ci ba, wannan ka zauna da malaminka da takardar ƙirgan a hannu.

A takardar da zaka kai musu sai ka rubuta ranar ƙirga a sama, sannan layi uku, shanshera tan 12 miliyan 5 da dubu 340, kayan kan aiki tan 4 miliyan 1 da dubu 900, kammalalliya buhu 70 miliyan 2 da dubu 800, da naka lambobin, ka ajiye rasitan saye da littafin zuba kusa dan zasu iya zuwa su gani da ido. Waɗannan lambobin ukun kuma su ne zaka buɗe wata mai zuwa da su, miliyan 1 da dubu 900 ɗin zai shiga a matsayin kayan kan aiki na farkon wata, ka haɗa shi da kuɗin shansherar da ta shiga tanki a watan da sabon kuɗin aiki, ka cire abin da ka tarar a tanki da tamfol ranar ƙarshe, abin da ya rage in ka ƙara kuɗin buhunan zubawa ka cire na dusa shine kuɗin buhunan da suka fita.